Darasin lissafi: yadda ake haɗa sefa, naira da riyal a san jimilla

In kaka ta yi, kasuwar Cadawa takan cika da aya da wake da gujiya. Ƴan kasuwa suna zuwa daga Maraɗi, suna zuwa daga Agye da Gazawa, wasu kuma daga Jibiya da Katsina. Wannan ya biya da sefa, wancan ya biya da naira. Da yamma manomi ya koma gida da kuɗi iri biyu cikin aljihu guda. In yana da ɗa can ƙasar Makka, wataƙila akwai riyal a ƙulle cikin adaka. Haka abin yake a garuruwan Gidan Runji da sauran wuraren da ke kusa da iyakar Nijeriya.

Tambayar da mai gida yakan yi wa kansa ita ce: duka-duka nawa gare ni? Mutane da yawa sun iya tarawa sarai, amma a nan suke faɗuwa. Darasin wannan karo a kan wannan tambaya yake.

Buhu da tiya

Kafin a taɓa kuɗi, a fara da abin da kowa ya sani. Mutum yana da hatsi buhu 2 da tiya 10. Ba wanda zai ce yana da 12. In ya ce haka, yara ma za su tambaye shi: sha biyun me? Abin da kowane manomi ke yi shi ne ya mai da buhun tiya. In buhu yana cin tiya 40, buhu 2 tiya 80 ke nan. A ƙara tiya 10, ya zama tiya 90. Sai da mudu ya zama ɗaya sannan aka tara.

Kuɗi ma haka suke. Sefa mudu ce, naira mudu ce, riyal mudu ne, kuma girmansu ba ɗaya ba. Saboda haka aikin hawa uku ne. Na farko, a zaɓi kuɗi guda wanda za a yi lissafi da shi. Na biyu, a mai da kowane kuɗi zuwa wannan da aka zaɓa. Na uku, a tara. Wanda ya tsallake hawa na biyu, lissafinsa ya ɓaci ko da ya fi kowa iya tarawa.

Dala da jikka tukuna

Ko cikin sefa kaɗai akwai ƙirga iri biyu, na baki da na takarda. A baki ana ƙirga da dala. A takarda ana rubuta tamma, wato faran. Dala 1 tamma 5 ce. Shi ya sa ƙarfen da aka rubuta wa 100 ake ce mashi dala ashirin, takardar da aka rubuta wa 500 ake ce mata dala ɗari. Dala 200 su ne jikka guda, wato takardar da aka rubuta wa 1,000.

Cikin wannan darasi, in an ce sefa 1,000 ana nufin lambar da ke rubuce a jikin takarda, wato jikka 1. In aka ji kuɗi da dala, sai a ninka su sau 5 kafin a rubuta. Dala 300 sefa 1,500 ne. Dala 1,000 sefa 5,000 ne, wato jikka 5. Ma'ajin ƙungiya da ya rubuta 300 a layi guda da 1,500, alhali na farkon dala ne na biyun tamma, ya cuci wanda ya kawo dala 300, don su biyun kuɗinsu ɗaya.

Mai gida yana son sayen sa

Ga misali. Lambobin da ke ciki na koyo ne, an zaɓe su don su yi sauƙin rabawa. Farashin gaske sai a wurin ƴan canji, ranar da ake bukata.

A ce wani mai gida a wani ƙauye kusa da Cadawa yana son sayen san huɗa kafin damina. An yi ciniki, an tsaya a jikka 200, wato sefa 200,000. Mai san ya ce zai jira har kasuwa mai zuwa, in ba a cika ba ya sayar wa wani. Mai gida ya zauna da dare ya fito da abin da ke gare shi.

Ya sayar da wake a Cadawa, an ba shi sefa 85,000. Ya sayar da aya ga wani ɗan kasuwar Jibiya, an ba shi naira 150,000. Ɗansa da ke aiki a Makka ya aiko mashi da riyal 300 ta hannun wani alhaji. Uwargida kuma ta kwashi adashi, ta ce za ta taimaka da dala 1,500.

Mai gida ya rubuta lambobin nan huɗu, wannan a ƙarƙashin wannan, ya tara:

85,000 + 150,000 + 300 + 1,500 = 236,800

Ya yi murna. A ganinsa kuɗin sa sun cika, har da rarar 36,800 ta sayen taki. Tarawar kuwa ba kuskure a cikinta. Amma 236,800 na me? Ba sefa ba ne, ba naira ba ne, ba riyal ba ne. Babu kasuwar da ake karɓar irin wannan kuɗi.

Ƙaramin ɗansa da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci ya leƙa takardar, ya ce: "Baba, mai san nan da wane kuɗi ya ce a biya shi?"

Ya ce: "Da sefa mana."

Yaron ya ce: "To, Baba, sai mu mai da komi sefa, sannan mu tara."

Hawa na farko ke nan. Kuɗin da za a kashe, shi ake zaɓa. Tun da sa da sefa za a saye shi, sefa ce mudun lissafi.

Mai da naira sefa

Wannan ne wurin da ya fi wuya, don haka a bi shi sannu.

Ƴan canji sukan faɗi farashi ne a kan jikka guda. A ce ranar nan mai canji ya ce: wanda ke son jikka 1 ya kawo naira 2,500. Ma'ana, duk naira 2,500 da mai gida ya miƙa, za a ba shi jikka 1. Tambaya ita ce: naira 2,500 sau nawa ke cikin naira 150,000? Rabawa ce.

Wanda bai riga ya ƙware da rabawa a takarda ba, ya yi ta da kashi-kashi, kamar yadda ake kasa tumatur. In naira 2,500 jikka 1 ce, to naira 25,000 jikka 10 ce, don an ƙara sifiri guda nan, an ƙara sifiri guda can. Sai ya kasa nairorinsa bisa tabarma, kowane kashi naira 25,000. Kashi biyu 50,000. Kashi huɗu 100,000. Kashi shida 150,000, kuɗi sun ƙare. Kashi 6, kowane jikka 10, ya zama jikka 60. A rubuce:

150,000 ÷ 2,500 = 60

Naira 150,000 ta zama jikka 60, wato sefa 60,000.

Abin da ya ruɗi mai gida a fili yake. Takardar naira mafi girma ita ce ta 1,000. Naira 150,000 takarda 150 ce, ƙunshi guda da ke cika aljihu. In an canza ta, takarda 6 ce kacal ta jikka goma-goma. Ido yana ganin tulin takarda, zuciya ta ɗauka dukiya ce. Mai sayar da aya da bai iya wannan lissafi ba yakan ji an ce dubu ɗari da hamsin ya sallama kayansa da sauri, alhali wanda ya taya jikka 65 ya fi wannan tayi.

Ba kullum kuɗi ke kasuwa daidai ba. A ce nairar 156,000 ce. Kashi shida na 25,000 sun ci 150,000, saura 6,000. Cikin 6,000 akwai 2,500 sau biyu, jikka 2 ke nan, saura naira 1,000. Wannan ba ta kai jikka ba, amma ba a yar da ita. In naira 2,500 sefa 1,000 ce, a cire sifiri guda ko'ina: naira 250 sefa 100 ce, wato dala ashirin. Cikin naira 1,000 akwai 250 sau huɗu, sefa 400. Duka ya zama sefa 62,400. Irin wannan ƙaramin saura shi ne yakan maƙale a hannun mai canji in mai kuɗi bai tambaya ba.

Mai da riyal da dala sefa

Riyal ya fi sefa nauyi, saboda haka ƴan canji sukan faɗi farashinsa a kan riyal guda. A ce mai canji ya ce yana sayen riyal 1 a kan dala 30, wato sefa 150. A nan ba rabawa ba ce, ninkawa ce. Kowane riyal zai haifi sefa 150. Riyal 10 sefa 1,500. Riyal 100 sefa 15,000. Riyal 300 kuwa sau uku ke nan:

300 × 150 = 45,000

Ga abin mamaki. Riyal 300 da mai gida ya raina, ya ga lambarsa ƙarama ce, ashe jikka 45 ne. Ya kusa kamo nairar nan mai cika aljihu.

Na uwargida ba sai an je wurin mai canji ba. Dala 1,500 sau 5:

1,500 × 5 = 7,500

Yaya mutum zai san lokacin rabawa da lokacin ninkawa? Ya saurari yadda aka faɗi farashin. In an faɗa mashi abin da ɗaya na kuɗin hannunsa zai haifa, kamar riyal 1 sefa 150, sai ya ninka. In an faɗa mashi abin da zai biya kafin ya samu ɗaya na kuɗin da yake so, kamar naira 2,500 jikka 1, sai ya raba.

Yanzu a tara

Komi ya zama sefa. Yanzu ne tarawa take da ma'ana.

Kuɗin wake: sefa 85,000
Kuɗin aya, naira 150,000: sefa 60,000
Saƙon Makka, riyal 300: sefa 45,000
Adashi, dala 1,500: sefa 7,500
Jimilla: sefa 197,500

Kuɗin sa 200,000 ne. Ashe ba rara. Giɓi ma gare shi na sefa 2,500, wato jikka 2 da dala ɗari. Ba kuɗi ne masu yawa ba, kaza guda ko ƴan tiyoyin wake za su iya cike su. Amma gara a san da giɓin tun a gida, ana da sauran kwanaki, da a san shi a tsakiyar kasuwar shanu, dillali na tsaye, wani mai saye na jira. Da kuma mai gida ya ci bashin taki bisa rarar 36,800 da ya yi zato, da ya shiga damina da bashin da ba shi da abin biya.

Mai canji farashi biyu gare shi

Washegari maƙwabci ya zo ya ce: "Malam, ai an cuce ka. Ni jiya na ji ana cewa jikka naira 2,400 ce." Mai gida ya sake lissafi da 2,400. Naira 150,000 a raba da 2,400 ya ba da jikka 62 da rabi, wato sefa 62,500. In ya sa wannan cikin jimilla, sai ta tashi 200,000 cif. Kuɗin sa sun cika!

Ba su cika ba. Maƙwabcin bai yi ƙarya ba, amma farashin da ya ji ba na mai gida ba ne. Mai canji ɗan kasuwa ne, yana saye yana sayarwa, ribarsa tana tsakanin farashin biyu. In an kawo mashi jikka ana son naira, sai ya ba da naira 2,400. In an kawo mashi naira ana son jikka, sai ya karɓi naira 2,500. Maƙwabcin sefa ya kai. Mai gida naira zai kai. Saboda haka 2,500 ne nasa.

Wannan ba ha'inci ba ne, haka sana'ar take ko a banki. Abin da ya kamata mai kuɗi ya yi shi ne ya gyara tambayarsa. Kada ya ce: nawa canji yake yau? Ya ce: ga naira kaza a hannuna, sefa nawa za ka ba ni? Amsar da aka ba shi ita zai rubuta. In ya tambayi mutum biyu ko uku ya fi, don ba lalle bakinsu ya zo ɗaya ba. Farashin da ake ji a rediyo kuwa sau da yawa na manyan bankuna ne. Yana nuna inda kasuwa ta dosa, amma ba da shi za a biya mutum a bakin tasha ba.

Daga nan akwai wani abin lura. Mai da kuɗi a takarda kyauta ne, mai da su a hannu yana da tsada. Wanda ya kai jikka 100 aka ba shi naira 240,000, sannan ya canza shawara ya komo da ita a kan 2,500, jikka 96 zai karɓa. Jikka 4 sun tafi, bai sayi ko allura ba. Don haka in mutum yana da sayayya a Jibiya ko Katsina nan gaba kaɗan, ya bar nairarsa naira. Ya mai da ita sefa a takarda kawai, don ya san abin da ya mallaka.

In da a Nijeriya za a sayi san

Da mai gida a hayin iyaka zai sayi sa, da naira ce mudunsa. Nairarsa 150,000 ta zauna yadda take. Sauran kuɗin, wato 85,000 da 45,000 da 7,500, sun tashi sefa 137,500, jikka 137 da rabi. Yanzu sefa zai kai, saboda haka farashinsa 2,400 ne, kuma ninkawa zai yi. Jikka 137 da rabi sau 2,400 ya ba da naira 330,000. A ƙara 150,000, jimilla naira 480,000. Dukiyar ita ce dai ta ɗazu, mudu ne ya sake. Lambar ta yi girma, mai gida bai ƙaru da komi ba.

Farashin yau ba na gobe ba ne

Tiya 40 na bara su ne tiya 40 na bana. Canjin kuɗi ba haka yake ba, kuma a nan misalin buhu ya tsaya.

Dattawa sun ga wannan da idonsu. Naira ta fito ranar 1 ga Janairu 1973, ta maye fam, fam 1 ya zama naira 2. A farkon shekarun 1980 naira guda ta fi dala ashirin. A 2024 kuwa sai an tara naira fiye da 2,000 kafin a samu jikka guda, wato naira guda ba ta kai rabin tamma ba. Sefa ma ta taɓa faɗuwa. Cikin Janairu 1994 aka karya darajarta da rabi: faran guda na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100 dare ɗaya. Tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro, kuɗin Turai, yuro 1 kusan sefa 656. Riyal na Saudiyya shi ma yana ɗaure da dalar Amirka tun 1986. Naira kuwa gwamnatin Nijeriya ta sake ta ga kasuwa cikin Yuni 2023, ta faɗi ƙwarai cikin ƴan watanni. Shi ya sa farashin naira ne ya fi bukatar a tambaya kowace ranar kasuwa.

A koma ga mai gida. In ya ajiye nairarsa har farashi ya tashi daga 2,500 zuwa 3,000, naira 150,000 za ta koma jikka 50. Takardun suna nan 150, ba ɓarawo, ba gara, amma jikka 10 sun narke. In kuma naira ta yi ƙarfi, farashi ya sauka 2,000, za ta zama jikka 75. Saboda haka jimillar da aka fitar yau ta yau ce. In sati ya wuce, a sake tambaya, a sake lissafi.

Wannan ya fi shafar masu riƙon kuɗin jama'a: ma'ajin ƙungiyar manoma, uwar adashi, mai riƙon asusun mata, mai tara gudummawar masallaci ko ta gyaran rijiya. In wani ya kawo naira, kada a rubuta lamba kawai. A rubuta abu huɗu a layi guda: ranar, abin da ya kawo da sunan kuɗin, farashin ranar, da abin da ya zama a sefa. Ga yadda layin zai kasance:

Ran 5 ga wata, naira 12,500, jikka a kan 2,500, sefa 5,000

Layin ƙarshe kaɗai ake tarawa. In ma'aji bai canza nairar a ranar ba, ya gaya wa ƴan ƙungiya, don in farashi ya sauya kafin ranar rabo kowa ya san dalilin giɓi ko rara. Rigima da yawa da ake kai wa mai gari a kan an ci kuɗi, ba a ci komi ba, farashi ne ba a rubuta ba. Bashi ma haka. Mai ba da rance da mai karɓa su faɗa gaban shaidu da wane kuɗi za a biya.

Sunayen da ke ruɗarwa

Akwai kalmomin da suka yi kama amma nauyinsu ya bambanta. Jikka a Nijar sefa 1,000 ce. A Nijeriya, in dattijo ya ce jaka, naira 200 yake nufi, tun zamanin da fam 100 ke cika jaka. A farashin misalin nan, jaka guda ta can dala 16 ce kawai ta nan. Dala ma biyu ce: akwai dala ta tamma biyar, akwai dalar Amirka wadda guda ɗaya ta fi dala ɗari ta gida. Masu dawowa daga arewa sukan zo da dinari, amma na Libiya daban, na Aljeriya daban, kowane da farashinsa.

Sefa kanta iri biyu ce. Ta Nijar ita ce ta Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo, an rubuta mata BCEAO. Wannan ba ta bukatar canji, a tara ta kai tsaye. Ta Cadi da Kamaru an rubuta mata BEAC. A hukumance darajarsu ɗaya, amma mai tebur a Cadawa ba zai karɓe ta ba, mai canji kuma sai ya rage wani abu. A lissafa ta kamar baƙon kuɗi.

Yadda ake gane kuskure

Bayan an gama, a duba abu biyu. Na farko, a duba ko lambar ta tafi inda ya kamata. Naira ta fi sefa sauƙi, don haka in an mai da naira sefa lamba sai ta ragu. Riyal ya fi sefa nauyi, lamba sai ta ƙaru. Wanda ya mai da naira 150,000 ya samu sefa 375,000, ya san ya ninka a inda ya kamata ya raba.

Na biyu, a koma da baya. An ce naira 150,000 jikka 60 ce. To, 60 sau 2,500 nawa ne? 150,000. Ya dawo daidai, lissafi ya yi. In bai dawo ba, sau da yawa sifiri ne ya faɗi ko ya ƙaru. Sifiri guda shi ke raba jikka 6 da jikka 60. A ƙirga su da yatsa, ba abin kunya ba ne.

Aikin yi a aji

Malamin aji ya rubuta waɗannan a allo. Farashin koyo: mai canji yana karɓar naira 2,500 ya ba da jikka 1, yana sayen riyal 1 sefa 150.

1. Wata mata a Gazawa ta sayar da ƙuli-ƙuli da man gujiya. Ta samu dala 700 da naira 10,000. Sefa nawa gare ta?

2. Ƙungiyar manoma ta tara kuɗin taki: sefa 40,000, naira 75,000, riyal 100. Ana bukatar jikka 90. Sun cika? In ba su cika ba, saura nawa?

3. Mutum biyu sun taya buhunan aya. Ɗaya ya ce jikka 45, ɗaya ya ce naira 110,000. Manomin sefa yake so. Wa zai sayar wa?

Amsoshi. Na 1: dala 700 sefa 3,500, naira 10,000 sefa 4,000, jimilla sefa 7,500. Na 2: naira 75,000 sefa 30,000, riyal 100 sefa 15,000, jimilla sefa 85,000, saura jikka 5. Na 3: naira 110,000 jikka 44 ce, sai ya sayar wa mai jikka 45.

In an gama waɗannan, a aiki ɗalibi guda ya tambayo farashin gaske ranar kasuwa, na saye da na sayarwa, a sake yin tambayoyin uku da shi.